Hatimin kotu, na notari da fassarar rantsuwa: wanne za a karɓa a Turkiyya?

Tambaya: Barista, barka da aiki. 'Yata mai shekara 17 ta samu gurbin karatu a wata jami'a a Turkiyya. Na kai kwafin WAEC ɗinta da na takardar haihuwa kotu a nan Kano, an buga musu hatimin CTC, wato na tabbatar da cewa kwafi ne na gaskiya. Sai ejan ya ce wannan ba zai yi ba, sai na notari, wato lauya mai izinin shaida takardu. Ita kuma makarantar ta rubuto tana son fassarar rantsuwa zuwa Turkanci. Wanne ne daidai, kuma wa ke karɓar wanne? Na gaji da kashe kuɗi a kan hatimi.

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Ejan ɗinka ya faɗi rabin gaskiya. Hatimin kotun ba zai kai ka ko'ina ba a wannan tafiya, amma na notari ma ba shi ne maganin satifiket ɗin WAEC ba. Takarda ɗaya ce kawai a cikin kayan yarinyar take buƙatar notarin Nijeriya, kuma ba ka ma ambace ta ba. Zan zo kanta.

Duk ofishin da ka miƙa wa takarda, abin da yake dubawa shi ne ko ya san sa hannun da ke ƙarshenta. Ma'aikacin rajista a jami'ar Turkiyya bai san magatakardan kotun Kano ba, bai san lauyan da ke Zoo Road ba, ba shi kuma da wata hanyar gane ko hatiminsu na gaske ne ko a kasuwa aka sassaƙa shi. Wanda ya sani shi ne ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Abuja. Shi kuma ofishin jakadancin yana da samfurin sa hannun jami'an Ma'aikatar Harkokin Waje ta Nijeriya. Ita Ma'aikatar Harkokin Waje ta san na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, Ma'aikatar Ilimi kuma ita ce take iya bincikar sakamakon a wurin hukumar da ta shirya jarrabawar. Kamar isnadin hadisi ne: kowa sai ya san wanda ya karɓa daga hannunsa, in aka samu giɓi a tsakani, duk kyan matanin ba a kafa hujja da shi. Saboda haka ba yawan hatimi ake nema ba, jerinsa ake nema, kowanne a bayan wanda ya kamata ya gabace shi.

Bari mu fara da abin da ka riga ka biya. CTC a dokar Nijeriya abu ne mai iyaka. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce jami'in gwamnatin da takardar hukuma take hannunsa shi ne zai ba da kwafinta ga wanda ya nema, bayan an biya kuɗin da doka ta yanka. A ƙasan kwafin zai rubuta cewa kwafi ne na gaskiya, ya sa kwanan wata, ya rubuta sunansa da muƙaminsa, ya sa hannu, ya buga tambarin ofis in ofishin yana da shi. Kalmar da za ka riƙe a nan ita ce wanda takardar take hannunsa. Kwafin hukuncin kotu daga rajistar kotun da ta yanke shi yake fitowa. Na takardun kamfani daga hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Na takardar mallakar fili daga ofishin rajistar filaye na jiha. Kowannensu yana da asalin a cikin fayil ɗinsa, da shi yake gwada kwafin da zai ba ka. Kotuna kuwa ba sa wasa da wannan. In takardar hukuma ce kuma ba a kawo asalinta ba, ba a karɓar wani kwafi sai irin wannan, kuma a shari'ar Tabik Investment da bankin GTB a 2011 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ko biyan kuɗin ma sharaɗi ne, ba ado ba. Shi ya sa a CTC na ƙwarai za ka ga an rubuta lambar rasit da adadin kuɗin da biro a gefen hatimin.

To, ɗauko kwafin da aka buga maka ka duba. Babbar Kotu ba ta ajiye kundin WAEC, ba ta kuma ajiye rajistar haihuwa. Magatakardan da ya buga hatimin ya kalli takardar da ka miƙa masa, ya kalli kwafin, ya ga sun yi daidai, shi ke nan. Bai ce satifiket ɗin na gaske ne ba, kuma ba shi da yadda zai sani. Akwai wuraren da wannan ya wadatar a cikin gida, kamar neman aiki ko cike fom ɗin tallafin karatu, inda abin da ake so kawai wani mai muƙami ya ga asalin da idonsa. Ajiye su, ba za su rasa ranar amfani ba. Amma kada ka kai su Abuja da nufin a ɗora wani hatimi a kansu.

Notari lauya ne da Alƙalin Alƙalan Nijeriya ya naɗa, sunansa yana cikin rajistar da ke Kotun Ƙoli, kuma dokar da ke tafiyar da aikinsa yanzu ita ce ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1936. Ba kowane lauya ne notari ba, kuma ba laifi ba ne ka nemi ganin takardar naɗinsa. Babban aikinsa shaida ne: cewa wane ya zo gabana, na duba katin shaidarsa, ya sa hannu a wannan takarda ina kallo, ko ya yi rantsuwa a kanta. Yana kuma iya shaida cewa kwafi ya yi daidai da asalin da aka nuna masa. Wannan na biyun ya fi hatimin kotu karɓuwa a waje, domin ƙasashe sun san muƙamin notari, kuma jami'o'i da bankuna da yawa suna karɓarsa a matakin neman gurbi ko buɗe asusu. Sai dai shi ma iyakarsa ke nan. Jan hatimin nan mai ƙyalli da ake liƙawa a matse shi da ƙarfe yana da kwarjini, mutane suna ganinsa su ɗauka magana ta ƙare, alhali notari bai buga wa WAEC waya ba. In aka kawo masa satifiket na jabu da aka buga da kyau, zai shaida cewa kwafin ya yi daidai da jabun, kuma bai yi ƙarya ba.

Wani abin da ejan kan faɗa shi ne zai samo maka afostil. Afostil hatimi ne guda da ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Hague ta 1961 suke karɓa a tsakaninsu ba tare da an je ofishin jakadanci ba. Turkiyya tana ciki, Saudiyya ma ta shiga a Disambar 2022, shi ya sa kalmar take fitowa a wasiƙun makarantunsu. Nijeriya ba ta ciki. Babu ofishin da ke da ikon buga afostil a kan takardar Nijeriya, duk wanda ya ce zai yi maka, kuɗinka zai ci. In wasiƙar makaranta ta ce afostil, a karanta layin da ke biye, galibi an rubuta cewa ƙasar da ba ta cikin yarjejeniyar sai ta bi ta ma'aikatar harkokin wajenta da ofishin jakadancin Turkiyya.

Yanzu mu bi takardun yarinyar ɗaya bayan ɗaya.

Satifiket ɗin WAEC shi ne mai nauyi, domin da shi za a nema mata abin da Turkawa suke kira denklik, wato takardar da Ma'aikatar Ilimin Turkiyya take bayarwa cewa karatun sakandaren da aka yi a waje daidai yake da nasu. Jami'o'i suna nemanta wajen kammala rajista. A ɗauki asalin satifiket ɗin, ba takardar sakamakon da makaranta ta rubuta ko wadda aka fitar daga intanet a shago ba, a kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja tare da kwafinsa da kwafin fasfo. Ku riƙe katin duba sakamako da bai ƙare ba, saboda a iya buɗe shafin hukumar a gwada makin da ke takarda da wanda ke kwamfuta. Ana biyan kuɗin gwamnati ta Remita, kuma kuɗin kowace takarda daban ne, don haka kada a kwashi har da lambar yabon gasar muhawara. Daga nan sai sashen shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje, can ma da nasu biyan da nasu rasit. Daga nan sai ofishin jakadancin Turkiyya. In makarantar ta nemi takardar makin aji huɗu zuwa shida na sakandare, wannan shugaban makaranta ne ya sa mata hannu, kuma ba wanda ya san hannunsa a Abuja, don haka shawarata a fara kai ta Ma'aikatar Ilimi ta jiha kafin a hau mota.

Abu biyu ke mayar da mutane gida daga wannan tafiya, kuma dukkansu ana iya ganinsu tun a ɗaki. Na farko leda. Mun saba liƙe satifiket a cikin leda don kada ruwa ko gara su taɓa shi, amma tawada ba ta kama leda, kuma ofisoshi da yawa suna ƙin takardar da aka liƙe domin ba a iya taɓa takardar a ji ingancinta. In an riga an liƙe, kada a sa reza ko dutsen guga a ce za a ɓare, rubutun yakan biyo ledar ya fita, kuma WAEC ba ta sake buga satifiket na takarda ga wanda nasa ya lalace, sai dai takardar shaidar sakamako ko satifiket ɗin dijital da ta fara bayarwa a 2022. A kai shi yadda yake a faɗa musu tun a teburin karɓar takardu.

Na biyu suna. Shimfiɗa fasfo, da satifiket, da takardar haihuwa, da wasiƙar makaranta a kan tabarma, ka bi su harafi bayan harafi. In WAEC ta rubuta Mohammed, fasfo ya ce Muhammad, ko sunan kaka ya fito a ɗaya ya ɓace a ɗaya, ko an juya rana da wata a ranar haihuwa, to aikin nan ne na farko. Abin da aka saba yi shi ne a je kotu wurin kwamishinan rantsuwa a yi takardar rantsuwa cewa sunayen duk na mutum ɗaya ne, a buga a jarida. Wannan yana bayani, kuma sau da yawa ana karɓarsa in bambancin na harafi ne. Amma ba ya gyara satifiket. Masu bin siyasa za su tuna 13 ga Fabrairun 2020, ranar da Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a matsayin gwamnan Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa, kuma takardun rantsuwar da aka gabatar ba su cece shi ba. In bambancin ya wuce harafi, hukumar da ta ba da takardar ita ce za ta gyara, kuma gyaranta ba ya sauri.

Takardar haihuwa kuma, duba wanda ya bayar da ita. Katin asibiti ba takardar haihuwa ba ne, takardar rantsuwar shekaru ta kotu ma ba ita ba ce. Tun dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce mai wannan aiki. Tunda yarinyar ba ta kai 18 ba, satifiket ɗin haihuwa za a ba ta ko da ba a yi mata rajista tana jaririya ba. Wanda ya wuce 18 ba a yi masa ba shi ne ake ba takardar shaidar haihuwa bayan ya kawo rantsuwar shekaru. Ita wannan ba ta bi ta Ma'aikatar Ilimi, daga hukumar sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sai ofishin jakadanci.

Ga takardar da na ce ba ka ambata ba. Yarinya 'yar 17 ƙaramar yarinya ce a dokar Turkiyya, kuma wajen neman izinin zama ana neman takardar amincewar iyaye tare da takardar haihuwarta. Wannan takarda ba wata hukuma ce ta fitar da ita ba, ku ne za ku rubuta, darajarta duk tana kan tabbacin cewa ku ɗin ne kuka sa hannu. Nan ne aikin notari na gaskiya. Kai da mahaifiyarta ku je da kanku, kowa da fasfo ko katin ɗan ƙasa, kuma kada ku sa hannu daga gida. A rubuta cikakken sunan yarinyar kamar yadda yake a fasfo, da lambar fasfon, da sunan jami'ar da garin da take. In notari ya yarda a aiko masa takarda da ɗan acaba ya buga hatimi ba tare da ya ga mahaifiyar ba, ku nemi wani, domin abin da kuke biya ke nan ya bari. Bayan hatiminsa ita ma sai ta bi Ma'aikatar Harkokin Waje da ofishin jakadanci. In kuwa za ta cika 18 kafin ranar neman izinin zaman, wannan ɗawainiya ta faɗi, sai ku lissafa watannin kafin ku biya.

Fassara ita ce ta ƙarshe, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi, don mutane suna fara yin ta. Mai fassarar rantsuwa ba jikin takardar kaɗai yake fassarawa ba, har hatimai da sa hannun da ke gaba da baya. In an fassara tun a Kano, sannan aka buga hatimi uku a Abuja, fassarar ba ta dace da takardar da ke hannu ba kuma.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Nijeriya ba ta da tsarin da kotu ko gwamnati take naɗa mutum mai fassarar rantsuwa ta sa shi a rajista. Abin da muke yi a nan shi ne wanda ya iya harshen ya fassara, ya rubuta cewa fassarar daidai take, ya rantse a gaban kwamishinan rantsuwa ko notari. Rantsuwar tasa ce, a kan wannan takarda kaɗai. A Turkiyya ba haka ba ne. Abin da wasiƙar makarantar take nufi, kuma wataƙila za ka ga an rubuta yeminli tercüman da noter a cikinta, shi ne mai fassarar da ya yi rantsuwa a gaban wani notarin Turkiyya, takardar rantsuwarsa tana ajiye a ofishin wannan notarin. Shi zai fassara ya sa hannu, sannan notarin da ya san shi ya tabbatar. Malamin da ya yi shekaru a Istanbul ya dawo Kano, ko da Turkancinsa ya fi na mutanen can, ba ya cikin wannan jeri, kuma hatimin notarin Nijeriya a kan aikinsa ba ya shigar da shi.

Hanya biyu ce ta rage. Ko dai a yi fassarar ta hannun wanda ofishin jakadancin Turkiyya a Abuja ya amince da shi, su kuma su tabbatar, ko yarinyar ta tafi da asalin takardun da hatimansu, ta yi fassarar a can. Ni na fi son ta biyun in makarantar ba ta ce sai an turo kafin zuwa ba. Ofisoshin fassara suna nan kusa da ofisoshin notari a kowane babban gari, aikin ba ya ɗaukar kwanaki da yawa, kuma abin da ya fito shi ne ainihin abin da ma'aikacin rajista ya saba gani. Ta roƙi a nuna mata fassarar kafin a kai wa notari, ta gwada rubutun sunanta da na fasfo da lambobin ranar haihuwa, saboda in an buga hatimi a kan kuskure, gyara sabon biya ne. Shafin fasfo mai hoto ma yawanci ana neman fassararsa, sai a haɗa su gaba ɗaya.

Kada wannan ya sa ka ɗauka ko'ina haka ake. Faransa da Jamus da Sifaniya suna da masu fassarar rantsuwa da hukuma ta naɗa, ofisoshinsu kuma su suke nema. Hukumar bizar Birtaniya ba ta neman rantsuwa, abin da take so mai fassarar ya rubuta cewa fassarar daidai take, ya sa kwanan wata, cikakken suna, sa hannu da inda za a same shi. Hukumar shige da ficen Amurka ma shaidar mai fassarar ce take nema, cewa ya iya harsunan biyu kuma bai rage komai ba. Kanada tana son ƙwararre mai rajista, in babu sai wanda ya fassara ya yi takardar rantsuwa, kuma ba ta yarda ɗan uwa ya fassara wa ɗan uwansa ba. Jamus ta daɗe da daina buga hatimin tabbatarwa a kan takardun Nijeriya, maimakon haka takan tura lauyoyin da ta amince da su su je har inda aka ba da takardar su bincika, mai nema ne kuma yake biya. Masu tantance digiri irin WES ba ruwansu da hatimin notari, jami'ar da ta ba da digirin suke so ta aiko musu da takardar maki kai tsaye. Na faɗi waɗannan ne saboda in ƙanenta ya tashi zuwa wata ƙasa baɗi, kada a ce ai mun san hanya.

Kafin ka sake biyan kowa, yarinyar ta rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar, da kanta, ba ta bakin ejan ba. Ta jera takardun da sunansu, ta tambayi abu uku a kan kowacce: asali ake so ko kwafi, hatimin wane ofishi ne na ƙarshe, kuma fassarar da aka yi a Turkiyya bayan ta iso za ta wadatar ko sai an turo tun daga nan. Ta kuma tambayi ranar ƙarshe ta kawo denklik, domin wasu jami'o'in suna yin rajista su ba da wa'adi a kawo ta daga baya. Amsar da suka rubuto a buga ta a takarda a sa cikin fayil ɗin da za a kai Abuja.

Bayan kowane ofishi, kafin a fita daga harabar, a juya takardar a duba cewa akwai sunan jami'in, da sa hannunsa, da kwanan wata, kuma an buga a kan kowace takarda da aka biya wa, ba ta saman kaɗai ba. A ɗauki hoton gaba da baya da waya, a ajiye rasit ɗin Remita. Asalin takardun kuma a jakar hannunta za su shiga jirgi, ba a cikin akwatin da za a auna ba, don ranar rajista su za a ce ta fito da su.